Kwastoma nawa ke harka da mu? Yadda ake rubuta amsar a ƙamusun bayanai

A ce ana taron ƙarshen wata a wani kamfani da ke sayar da kaya ta manhaja. Shugaban taron ya yi tambaya mai sauƙi: kwastomomi nawa ne ke harka da mu a yanzu? Sashen ciniki ya faɗi adadinsa, sashen kuɗi ya faɗi wani da bai kai rabin na farko ba, masu kula da manhaja kuma suka kawo na uku. Dukkansu daga rumbun bayanai ɗaya suka ɗebo, kuma a saman kowane rahoto an rubuta `active customers`. Abin da kan biyo baya shi ne a fara neman wanda ya yi kuskuren lissafi. Galibi babu shi. Kowa ya ƙirga daidai, abin da kowa ya ƙirga ne ya bambanta.

Wannan matsalar ce ƙamusun bayanai yake magancewa, idan an rubuta shi yadda ya kamata. Ƙamusun yana da hawa biyu. Na ƙasa yana bayanin teburori da gurabensu: gurbin `paid_at` lokaci ne, ga abin da yake nufi, ga inda ake cike shi. Na sama yana bayanin kalmomin da mutane ke furtawa a taro, irin su "kwastoma mai harka", yana kuma ɗaure kowace kalma da guraben da ake lissafa ta daga cikinsu. Na'ura na iya fitar da rabin hawan ƙasa da kanta, domin rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da MySQL suna ajiye sunayen teburori da gurabe a `information_schema`. Hawan sama kuwa sai mutane sun zauna sun yi gardama. A nan zan tsaya, a kan kalma ɗaya tak.

Kafin mu shiga, yana da kyau a san cewa babu wata ma'ana guda da duniya ta amince da ita. Kamfanin Amazon, a rahotanninsa ga masu hannun jari, ya bayyana asusun kwastoma mai harka a matsayin wanda ya yi oda cikin watanni 12 da suka gabata. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, idan tana ƙirga layukan waya na sa-kati, tana ɗaukar wanda aka yi amfani da shi cikin watanni 3. Kowanne ya zaɓi abin da ya dace da sana'arsa. Wanda ke sayar da firiji ba zai jira mutum ya dawo cikin kwana 30 ba, wanda ke sayar da kuɗin kira kuwa shirun wata uku ya ishe shi labari. Saboda haka kwafo ma'anar wani kamfani ba ya raba gardama, jinkirta ta kawai yake yi.

Hanyar da na fi yarda da ita ba ta farawa da rubuta ma'ana. Tana farawa da zaƙulo asusu kaɗan masu wuyar sha'ani, a ɗora su a gaban kowa. Mu ɗauki asusu bakwai na misali, ranar rahoto kuma 31 ga Maris, 2025.

Asusu na 101 ya sayi kaya ranar 14 ga Fabrairu, ya biya, an kai masa, bai sake buɗe manhaja ba. Na 102 ya yi oda ranar 28 ga Maris, amma yana cikin waɗanda aka ba damar biya bayan kwana 30, don haka kuɗinsa bai shigo ba. Na 103 ya saya ranar 20 ga Janairu, ya biya, sannan ya dawo da kayan gaba ɗaya ranar 3 ga Fabrairu aka mayar masa da kuɗinsa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na 104 ya biya kuɗin rajistar shekara tun Nuwamban 2024, kullum yana cikin manhaja, amma bai sayi komai ba a bana. Na 105 da na 106 ma'aikata biyu ne na kamfani ɗaya, kowa da asusunsa, duk sun saya a Maris, kuma kamfanin ne ya biya musu. Na 107 asusun gwaji ne da injiniyoyi ke yin odar ƙarya da shi duk lokacin da suka sabunta manhaja.

Sashen ciniki yana ƙirga duk asusun da ya yi oda tun farkon Janairu. Ya samu shida: kowa da kowa ban da 104, har da asusun gwajin da babu wanda ya tuna da shi. Sashen kuɗi yana ƙirga wanda kuɗinsa ya shigo ya zauna tun farkon Janairu, kuma a wurinsa mai biya shi ne kwastoma. Ya samu biyu: 101, da kamfanin nan mai asusu biyu. Masu manhaja suna ƙirga wanda ya shiga cikin kwana 30 da suka wuce. Sun samu biyar: 102, 104, 105, 106 da 107.

Shida, biyu, biyar. Wanda ya kalli shida da biyar zai ce ai sun kusa, mutum ɗaya ne tsakani. Ba haka ba ne. Jerin sashen ciniki na da 101 da 103 waɗanda babu su a na manhaja, jerin manhaja kuma na da 104 wanda babu shi a na ciniki. Bambancin ɗaya ya ɓoye sunaye uku. A rumbu mai dubban asusu irin wannan haɗuwar ta fi haɗari, domin adadi biyu na iya tafiya kafaɗa da kafaɗa tsawon watanni kowa ya ɗauka abu ɗaya ake aunawa, sai ranar da suka rabu a shiga neman ɓarnar da ba ta faru ba. Shi ya sa ba a daidaita rahotanni biyu da kwatanta jimilla. Sunaye ake kwatantawa:

```sql
SELECT account_id FROM sales_active
EXCEPT
SELECT account_id FROM app_active;
```

Sai a juya shi a sake gudanarwa, a ga waɗanda ke ɗaya ɓangaren. Asusu goma daga kowane jeri, a duba su ɗaya bayan ɗaya, sun isa su nuna inda ma'anonin suka raba hanya.

Asusun nan bakwai sun tilasta tambayoyin da dole ma'anar ta amsa. Na 105 da na 106 suna tambaya: mene ne abin da ake ƙirgawa, asusu ko mai biya? Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ta fi wuyar gyarawa daga baya, domin idan rumbun ba shi da gurbin da ya haɗa asusun biyu a ƙarƙashin `customer_id` ɗaya, babu jimlar da za a rubuta a ƙamus ta haɗa su. Sai an yi aikin haɗawar tukuna. Na 102 da na 103 suna tambaya: wane aiki ne ke sa mutum ya zama mai harka, yin oda, biyan kuɗi, ko biyan da ba a mayar ba? Na 107 yana tambayar su wa za a cire. Amsarsa ba ta da wuya, amma tana buƙatar gurbi irin `is_test` da wani ke da alhakin cikewa. Cire asusun gwaji ta hanyar duba ko adireshinsa na ɗauke da kalmar `test` dabara ce da ke aiki har ranar da wani injiniya ya buɗe asusun gwaji da sunansa.

Na 104 shi ne mai tayar da jijiyar wuya, kuma gaskiya kowane ɓangare na da hujja. Mutumin da ya biya kuɗin shekara, yake shiga kullum, a ce ba ya harka da kamfani? Idan adadin ne za a yi amfani da shi a zaɓi waɗanda za a aika wa saƙon "mun daɗe ba mu gan ka ba", to saka 104 cikin waɗanda suka tafi abin kunya ne. Idan kuma adadin ne za a raba yawan oda da shi don a san oda nawa kowane mai saye ke yi, saka shi a ciki zai ja matsakaicin ƙasa ba gaira ba dalili. Ma'ana ɗaya ba za ta yi wa ayyukan nan biyu hidima ba.

A nan ne nake ganin yawancin masu haɗa ƙamus ke kuskure. Suna ɗauka aikinsu shi ne su zaɓi gwani cikin ma'anoni uku su binne sauran. Abin da ke faruwa shi ne sashen da aka kayar ya ce to, ya koma ofis ya ci gaba da lissafinsa a Excel, da tsohon sunan a samansa, domin har yanzu yana buƙatar adadin. Abin da ya fi aiki shi ne kowace ma'ana ta samu sunanta, sunan kuma ya faɗi abin da ya ƙunsa. Wanda ya biya cikin kwana 90 ya zama `active_customer_90d`. Mai rajistar da ba ta ƙare ba ya zama `live_subscriber`. Wanda ya shiga manhaja ya zama `active_user_30d`, kuma a daina kiransa kwastoma, tunda shiga ba saye ba ne. Sannan a yanke hukunci ɗaya: duk inda aka ce "kwastoma mai harka" ba tare da ƙarin bayani ba, na farkon ake nufi. Babu wanda aka ƙwace wa adadinsa, sunan kawai aka hana shi ara.

Yanzu ma'anar kanta. Ƙa'idar ISO/IEC 11179, wadda ta shafi rajistar bayanan da ke siffanta bayanai, ta ware kashi na 4 ga yadda ake rubuta ma'ana, kuma sharuɗɗanta biyu sun isa a riƙe: a rubuta ma'anar da tilo, a kuma faɗi abin da abu yake, kada a tsaya ga abin da ba shi ba ne. "Kwastoman da bai daina saye ba" ba ma'ana ba ce, ta tura mu neman ma'anar dainawa ne. Ga wadda za ta tsaya da ƙafarta: kwastoma mai harka shi ne mai biya guda ɗaya, wanda aka gane shi da `customer_id`, da ke da aƙalla oda ɗaya da aka biya cikin kwana 90 da suka ƙare a ranar rahoto, wadda ba a mayar da dukkan kuɗinta ba, ban da asusun gwaji. A ƙarƙashinta, a shafi ɗaya, sai lissafin:

```sql
SELECT COUNT(DISTINCT a.customer_id)
FROM orders o
JOIN accounts a ON a.account_id = o.account_id
WHERE o.paid_at >= DATE '2025-01-01'
  AND o.paid_at <  DATE '2025-04-01'
  AND COALESCE(o.refunded_amount, 0) < o.paid_amount
  AND a.is_test = FALSE;
```

A kan asusunmu bakwai wannan zai ba da biyu. Na 102 zai shigo a rahoton da ya biyo bayan ranar da ya biya.

Layukan nan kaɗan ne, amma kowanne ya toshe wani rami. An rubuta iyakar ƙarshe da "ƙasa da 1 ga Afrilu" da gangan. Da an yi amfani da `BETWEEN` aka sa `'2025-03-31'` a ƙarshe, a gurbin da ke ɗauke da awa da minti, na'ura za ta fahimci ranar a matsayin sha biyun daren da ya buɗe ta, duk cinikin ranar 31 sai ya zube. Alamar wannan ciwon ita ce rahoto ya riƙa gaza na sashen kuɗi da ɗan kaɗan kowane wata. Shi kuma `COALESCE` yana nan ne don ya ɗauki gurbin da aka bari fanko a matsayin sifili. Idan odar da ba a taɓa mayar da kuɗinta ba tana da `NULL` a `refunded_amount` maimakon sifili, to kwatanta `NULL` da kowane adadi ba ya ba da "gaskiya", layin sai ya faɗi shiru, babu ƙorafi babu gargaɗi. Wato mafi kyawun kwastomomi, waɗanda ba su taɓa dawo da kaya ba, su ne za su ɓace. A nan hawan ƙasa na ƙamus yake biyan kuɗinsa: a bayanin gurbin dole a rubuta ko fanko na nufin sifili ko yana nufin ba a sani ba. Akwai ma wani hukuncin da layin ya yanke ba tare da an tambaye shi ba. Odar da aka bayar kyauta, wadda kuɗinta sifili ne, ba za ta shiga ba, domin sifili bai gaza sifili ba. Idan haka ake so, a rubuta. Idan ba haka ba, a gyara.

Maganar kwana 90 ma tana da ƙura. Mutane kan ɗauka daidai take da rubu'in shekara, kuma a misalinmu ta yi daidai, domin Janairu zuwa Maris na 2025 kwana 90 ne cif. A 2024 kwana 91 ne saboda Fabrairu ya yi 29. Afrilu zuwa Yuni 91 ne, sauran rubu'ai biyun kuma 92 kowanne. Mai lissafi da rubu'i da mai lissafi da kwana 90 za su yi daidai a ƙarshen Maris, su yi murna, su saɓa a ƙarshen Yuni. Haka agogo: idan rumbun na ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, kamfanin kuma yana inda agogo ke gaba da awa ɗaya, cinikin ƙarfe 12:30 na daren da ya shiga 1 ga Afrilu zai bayyana a rumbu a matsayin 11:30 na daren 31 ga Maris. Layi ɗaya a ƙamus da ya ce da wane agogo ake yanke rana ya wadatar.

Akwai gargaɗin da nake so a rubuta shi ɓaro-ɓaro a shafin kalmar: wannan adadin ba a tara shi. Kwastoman da ya saya a Janairu ya sake saye a Maris mutum ɗaya ne a rubu'in, amma wanda ya haɗa adadin watanni uku zai ƙirga shi sau biyu. Haka yake tsakanin yankuna ko nau'o'in kaya. Duk lokacin da ka ga jimillar sassa ta zarce adadin kamfani gaba ɗaya, ba lallai kuskure ba ne, halin `COUNT(DISTINCT ...)` ke nan. Kuskuren shi ne wani ya ja layi a ƙasa ya tara.

Abin da ya fi rikita shugabanni kuwa shi ne adadin jiya ya sauya yau. A ce 101 ya dawo da kayansa ranar 15 ga Afrilu aka mayar masa da kuɗi. Wanda ya sake gudanar da lissafin Maris a watan Mayu zai samu ɗaya, alhali takardar da aka raba a taro ta ce biyu. Hanya biyu ce. Ko dai a ce rahoto yana nuna abin da aka sani a ranar, a riƙa ajiye hoton jerin kowane ƙarshen wata a teburi na daban wanda ba a taɓawa, ko a ce rahoto yana nuna gaskiyar da aka sani yanzu, a yarda cewa watannin baya-bayan nan za su riƙa motsi har wa'adin dawo da kaya ya wuce. Ni na fi karkata ga ajiye hoto ga duk adadin da ke fita wajen kamfani ko ake auna ƙoƙarin ma'aikata da shi, saboda adadin da aka riga aka yanke hukunci a kansa bai kamata ya narke a hannu ba. Amma ko wacce aka ɗauka, rashin rubuta ta shi ne laifin.

Sauran abin da ke shafin gajere ne: sunan muƙamin da ke da ikon sauya ma'anar, mutum ɗaya ba kwamiti ba, da ranar da ta fara aiki, da sunayen 'yan uwanta biyu don wanda ya ɓata hanya ya gane cewa `live_subscriber` yake nema. Ranar fara aiki tana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan wata rana aka rage kwanakin daga 90 zuwa 60, layin da ke kan allon rahoto zai faɗo ƙasa dare ɗaya ba tare da kwastoma ko ɗaya ya tafi ba. Ko dai a sake lissafa tarihin duka da sabuwar ma'ana, ko a buɗe `active_customer_60d` a bar su biyun suna tafiya tare na wasu watanni. Saka adadin kwanaki a cikin sunan yana hana a yi sauyin a ɓoye.

Saura inda ƙamusun zai zauna. Takardar da aka rubuta aka ajiye a wata jaka tana fara tsufa ranar da aka gama ta, domin masu haɗa rahoto ba daga takarda suke ɗebo adadi ba. Lissafin nan na sama ya kamata ya zauna wuri ɗaya a rumbu, a matsayin `VIEW` ko teburin da ake sabuntawa, kowane rahoto ya ja daga gare shi maimakon kowa ya sake rubuta nasa `WHERE`. Bayanin kuma ya zauna jikin abin da yake bayyanawa. A PostgreSQL ana yin haka da `COMMENT ON`, masu amfani da manhajar sarrafa bayanai ta dbt kuma suna rubuta shi a `description` cikin fayil ɗin YAML da ke gefen lissafin, ta yadda duk wanda ya zo sauya ɗaya zai ga ɗayan. Hanyar gane ko ƙamusun na raye ba ta da wuya: a bincika rahotannin kamfani a ga nawa ne ke karanta teburin `orders` kai tsaye suna ƙirga kwastoma. Kowanne daga cikinsu ma'ana ce ta daban da ba a rubuta ba.

Asusun nan bakwai kuma ba a jefar da su bayan taro. Ana ajiye su a ƙaramin teburin gwaji, kowanne da amsar da aka amince a kansa: 101 yana ciki, 102 da 103 da 104 da 107 suna waje, 105 da 106 mutum ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa lissafin, sai a gudanar da shi a kan teburin a ga ko har yanzu biyu yake bayarwa. Ranar da wani sabon lamari ya ɓullo, misali kwastoman da aka mayar wa rabin kuɗinsa, ko kamfanoni biyu da suka haɗe suka zama mai biya ɗaya, mai ikon ma'anar ya yanke hukunci, a ƙara jimla a shafin, a ƙara asusu na takwas a teburin.